Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu horar da tafintoci da ma'aikatan jinya, a kan fassarar "da sauƙi"

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aikina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan kalmomi biyu da kowane ɗayanmu yake ji fiye da sau ashirin kafin azahar, wato "da sauƙi". Na shafe shekaru ina yin tafinta tsakanin likitocin da ba sa jin Hausa da majinyatan da ba sa jin Turanci. Wasu likitocin daga ƙasashen waje suka zo, amma akasarinsu 'yan ƙasa ne daga kudu, waɗanda bautar ƙasa ko neman aiki ya kawo arewa. A duk horon da aka taɓa ba ni, an koya mini sunayen gaɓoɓi da cututtuka, an koya mini in riƙe sirri, an koya mini kada in ƙara kada in rage. Ba a taɓa zaunar da ni an ce ga yadda za ka yi da gaisuwa ba, domin kowa yana ganin gaisuwa ita ce mafi sauƙin abin da tafinta zai fassara. Ni ma haka na ɗauka, har sai da wani dattijo ya kusa rasa ransa a bakina.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Dattijon manomi ne, ya haura shekara sittin, an kawo shi da ƙaba da ta shaƙe hanji, aka yi masa tiyata aka yanke ɓangaren da ya mutu aka haɗa. Ranar da abin ya faru kwanansa biyar da aiki. Muna zagayen safe, gado wajen talatin a gabanmu, likita ta tsaya a kansa ta yi tambaya da Turanci, wadda in ka bi ta kalma-kalma ma'anarta ita ce "yaya kake ji yau?" Na juya na ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na ce wa likita ya ce yana jin "beta". Ta ɗan taɓa cikinsa, dattijo ya cije bai ko yi tsaki ba, ta rubuta a fayil cewa majinyaci ya ce ya samu sauƙi, ta ce in abin ya ci gaba haka za a fara maganar sallama. Muka wuce gado na gaba.

Wajen la'asar wata nas, wadda ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba, ta zo canza ruwan da ake ƙara masa. Ita ma ta gaishe shi, shi ma ya ce da sauƙi. Sai ta ce madalla, ta ja kujera ta zauna, ta dubi ɗansa da ke jinyarsa ta ce, "Kai, jiya da dare sau nawa ya yi amai?" Yaro ya ce sau uku. Ta ce, "Baba, tun jiya ka fitar da iska?" Ya girgiza kai. Ta ce ya nuna mata da hannu inda ya fi ciwo, sai ya shafa cikin gaba ɗaya. Ta auna zafin jiki ya kusa 39, bugun zuciya ya haura 115 a minti ɗaya. Kafin isha an mayar da shi ɗakin tiyata, ashe ɗinkin hanjin ne ya saki. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Daren nan ban yi barci ba, ina ta neman inda ƙarya ta shigo. Dattijo bai yi ƙarya ba, likita ba ta yi ba, ni ma abin da na ji na faɗa. Sai daga baya na gane kuskure biyu na yi a cikin daƙiƙa goma, kuma na farkon ya fi girma, ga shi kuwa shi ne wanda ba a cika lura da shi ba.

Kuskuren farko a tambayar yake. Likita tambayar bincike ta yi, tana son a kwatanta yau da jiya. Ni kuma na zuba tambayar a cikin "yaya jiki", alhali "yaya jiki" a Hausa gaisuwar marar lafiya ce, kuma tana tafe da amsarta a goye. Duk Bahaushe ya san waɗannan tagwayen. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina labari, sai alheri. Ina aiki, da godiya. Ina sanyi, lokacinsa ne. Ina ruwa, ya yi gyara, ko da kuwa daren jiya ya rushe maka katanga. Yaya jiki, da sauƙi. Mutumin da ya yi yini yana huɗa a gona, ƙafarsa na rawa, in ka ce masa ina gajiya zai ce ba gajiya, kuma babu mai hankalin da zai ce ya yi ƙarya. To ni da bakina na ɗauki tambayar likita na mayar da ita gaisuwa, dattijo kuwa mutum ne mai tarbiyya, ya amsa gaisuwa da abin da ake amsa ta.

Na biyun a dawowa yake. "Da sauƙi" ba ta da lokaci a cikinta, ba ta ce jiya ba, ba ta ce yau ba, ba ta kwatanta komai da komai ba. Kalmar "beta" kuwa a Turanci kalmar fifiko ce, tana nufin yanzu ya fi ɗazu. Da na faɗe ta, na sa wa dattijo maganar da bai yi ba. Bahaushen da yake son ya ce an samu canji yana da hanyarsa: "na ji sauƙi", "yau kam na samu sauƙi", "ai jiki ya yi kyau, jiya har na zagaya da ƙafata". A nan akwai aikatau, akwai lokaci, sau da yawa akwai shaida. Tsakanin "da sauƙi" da "na ji sauƙi" tazarar ba ta wuce gaɓa biyu ba, amma ɗaya ladabi ce, ɗaya labari. Na sha zuwa dubiya na ji an ce "da sauƙi" a kan mutumin da ake ɗiga wa ruwa a baki da cokali, kuma kafin mu kai gida aka bugo waya cewa rai ya yi halinsa.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba, kada wani ya ce halin Bahaushe ne na ɓoye-ɓoye. Tun a 1923 masanin al'adun al'umma Bronislaw Malinowski, wanda ya yi zama da mutanen tsibiran Trobriand, ya yi bayanin irin maganar da aikinta ɗaure zumunci ne kawai, ba isar da labari ba, ya kuma sa tambayar lafiya da zancen yanayi cikin misalansa. A 1975 aka buga wani nazari na masanin zamantakewa Harvey Sacks a kan "hawa yu" ta Amurkawa, inda ya nuna cewa amsar tsaka-tsaki irin "fayin" rufe zancen take yi, amsa mai nuna damuwa kuwa buɗe ƙofar "me ya faru?" take yi, don haka mai amsawa yakan auna tukuna ko wanda ke gabansa ya cancanci jin damuwarsa. Baturen da ya shiga ofishin likita da ciwon ƙirji, aka ce masa "hawa yu" a bakin ƙofa, shi ma "fayin" zai ce, sai ya zauna sannan ya fara ƙorafi. Bambancin shi ne likita ta san "fayin" ɗin garinsu, tana jin ta ta wuce ta kamar iska. "Da sauƙi" ɗin garinmu ce ba ta sani ba, kuma ni aka ɗauka aiki don in sanar da ita.

Namu ma ya fi nasu nauyi, saboda akwai addini a ciki. Dattijon nan yana ganin cewa ya buɗe baki ya ce "jiki ba daɗi" a gaban baƙuwa, da sassafe, kamar kai ƙarar Ubangiji ne wurin bayinsa. Ya taso yana jin cewa Annabi Yaƙub, a suratu Yusuf aya ta 86, ga Allah kaɗai ya ce yake kai kukansa. Ga kuma kunya, ga dauriya irin ta namiji a gaban ɗansa, ga ganin girman likitar da ta yi masa aiki, kada ya zama kamar ya raina ƙoƙarinta. Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta faɗa da majinyata yana cewa ku riƙa faɗin gaskiya. Na ga masu yin haka, kuma ban ga ya yi amfani ba, domin mutum ba zai bar tarbiyyar shekara sittin saboda tsawar minti ɗaya ba. Abin da ke aiki shi ne abin da nas ɗin nan ta yi ba tare da ta karanta shi a ko'ina ba: ta bar gaisuwa ta ci rabonta, ta rufe ta, sannan ta buɗe wani babin.

Hausa tana da ƙofar da ake bi a fita daga gaisuwa a shiga magana. In baƙo ya zo gidanka, sai an gama ina gida ina yara, an ce madalla, an ɗan yi shiru, sannan ya gyara zama ya ce, "Dama na zo ne a kan..." Wannan "dama" ita ce shaidar cewa yanzu abin da za a faɗa labari ne. A bakin gado ma haka ya kamata. Ni yanzu kafin likita ta buɗe baki nake yin gaisuwata: "Sannu Baba, an tashi lafiya? Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Ya amsa, na amsa, bai ci daƙiƙa goma sha biyar ba, in ce wa likita mun gaisa ya gode. In ta yi tambayarta sai in ce, "To Baba, dama likita tana so ta san yadda ka kwana don ta san maganin da za ta ba ka. Tsakanin jiya da yau, wanne ya fi maka dama?" Wannan tambayar ba ta da amsa a goye. Dole ya tsaya ya tuna jiya.

Ga yadda nake gwada kowace tambaya kafin ta fita daga bakina: in na san amsar da za a ba ni tun ban rufe baki ba, to gaisuwa na yi. "An kwana lafiya?" gaisuwa ce, "Daren jiya sau nawa ciwo ya tashe ka?" tambaya ce. "Yaya mai jiki?" gaisuwa ce, "Yau ya sha nono sau nawa?" tambaya ce. Har "ka ci abinci?" ban yarda da ita ba, domin mutumin ƙauye da ya saba a yi masa tayi ya ce alhamdu lillahi zai ce ya ci, ko da kurɓa biyu na koko ya yi. "Me ka ci da safe, kuma ka cinye ko ka rage?" ta fi ta. Duk tambayar da ta nemi adadi, ko wuri, ko zaɓi tsakanin abu biyu, ta fita daga hannun al'ada. Haka kuma in an ce maka ciwon ya yi "kwana biyu", kada ka ce wa likita kwana biyu sai ka tambaya ko kafin kasuwar da ta wuce ya fara, ko kafin salla, domin wanda ya shekara bai gan ka ba ma "kwana biyu" zai ce maka.

Na san abin da wasunku za su ce, don an faɗa mini a wani taron horo. Ƙa'idar aikinmu ita ce tafinta bututu ne, abin da ya shiga shi zai fita, in ka fara gyara tambayar likita ka zama likita. Ina girmama ƙa'idar nan, kuma na ga ɓarnar tafintan da ke ba da shawarar magani daga aljihunsa. Amma a dubi abin da ya faru a kan dattijon nan. Fassarar da ta bi kalma ita ce ta canza tambayar, ta mayar da bincike ya koma gaisuwa. "Tsakanin jiya da yau wanne ya fi" ita ce ta isar da abin da likita ta nufa. Ban ƙara wata tambaya tawa ba, ban ce a duba amai ko zazzaɓi ba, wannan aikinta ne. Iyakata ita ce in tabbatar tambaya ta isa a matsayin tambaya.

In kuma duk da haka amsar ta dawo "da sauƙi", to ba ni da ikon in ce ya samu sauƙi, ba ni da ikon in ce bai samu ba. Abin da nake yi shi ne in fassara ta da takwararta, wato amsar gaisuwa da amsar gaisuwa, in ce ya ce "fayin", ya gode, sannan in fito fili in ce, "Likita, tafinta ne ke magana yanzu: wannan amsar al'ada ce da ake bayarwa ko ana jin daɗi ko ba a ji, bai amsa tambayarki ba tukuna." Sai in juya in gaya wa majinyaci abin da na ce, don kada ya ga ana magana a kansa da harshen da ba ya ji: "Baba, na ce mata gaisuwa ka amsa, yanzu za ta tambaye ka dalla-dalla." Yawancin dattawa murmushi suke yi a nan, wani ma ya ce, "Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya fara bayani.

Akwai wani ɓangaren da ya fi wannan wuya, kuma shi ne na fi so ku ba shi lokaci a aji. Tunda amsar a shirye take, duk wanda ya kauce mata ko da taku ɗaya, to da gangan ya kauce, kuma a cikin kaucewar labarin yake. Gail Jefferson, mai nazarin yadda mutane ke hira, ta yi rubutu a 1980 a kan haka a Turanci, cewa amsar da aka ɗan rage wa ƙarfi takan zama share fagen wata damuwa da za a faɗa in an samu mai saurare. Mu a Hausa matakan a bayyane suke ga mai kunne. "Da sauƙi" da aka faɗa nan take ba ta ce komai ba. In aka ja numfashi aka ce "To... da sauƙi dai", wannan "to" da wannan "dai" sun ce a tambaye ni. "Da dama-dama" ta sauka mataki ɗaya. "Ga mu nan dai" da "muna ta fama" sun ƙara sauka. In uwa ta ce "jikin nasa sai a hankali", abin ya yi nisa. In mai jinya ya ce "sai addu'a", ka ajiye duk abin da ke hannunka. Haka nan "alhamdu lillahi" kaɗai daban take da "alhamdu lillahi ala kulli halin", domin ta biyun ita ce godiyar da aka koya wa Musulmi ya yi in abin da ba ya so ya same shi. Tafintan da ya mayar da su duka biyun "ya gode wa Allah" ya zubar da rabin saƙon a ƙasa. Abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram sun san irin wannan a Faransancin yankinmu, inda mutum kan amsa "sa ba", wato lafiya lau, ya ƙara mata kalmar da ke nufin "kaɗan". Baƙon likita sai ya ji kamar an ce ba laifi, ɗan gari kuwa ya san akwai magana.

Waɗannan ba a fassara su da "fayin". A nan ne tafinta zai nemi amsar Turanci da ita ma ta rage ƙarfi daidai gwargwado, ko ya faɗi kalmomin yadda suke ya ƙara da cewa wannan ta gaza amsar da aka saba. Kuma kada a wuce gona da iri. Na taɓa aiki da wani saurayi da ya ji wannan bayanin ya ɗauke shi da zafi, har duk wanda ya ce "da sauƙi" sai ya ce wa likita yana ɓoye wani abu. Wannan ma sa wa mutum magana ne a baki. Mafi yawan masu cewa da sauƙi sauƙin suka samu. Amsar dai ba ta isa shaida ba, ko ta nan ko ta can.

Abin da nake roƙo bai da tsada. A ware zama ɗaya a cikin horo, a sa ɗalibai biyu su yi likita da majinyaci, na uku ya yi tafinta, a ba majinyacin takarda a ɓoye da ke cewa ya yi amai sau uku amma kada ya faɗa sai an yi masa tambayar da ba gaisuwa ba. Za ku sha mamakin yawan waɗanda za su gama zagayen ba su ji labarin aman ba. A shigar da nas-nas da ungozomomi da masu share ɗaki a ciki, don a yawancin asibitocinmu babu wani mai muƙamin tafinta, duk wanda ke kusa shi ake kira. Sabon likitan da ba ya jin Hausa kuma, a makonsa na farko a ba shi rabin shafi da tagwayen gaisuwar nan, a ja layi a ƙarƙashin "da sauƙi". Su kan koyi "sannu" da "yaya jiki" da kansu cikin kwana uku, suna murna, kuma daga ranar suke fara karɓar "da sauƙi" kai tsaye ba tare da tafinta ba, wanda ya fi haɗari.

Sai maganar fayil. Ina roƙon a daina rubuta "ya ce ya samu sauƙi" sai in an biyo ta da abin da ya nuna hakan: ya yi barci, ya cinye kokonsa, ciwon ya ragu daga jiya, ya taka zuwa bayi. Layin da likita ta rubuta a kan dattijon nan da safe, likitan da ya karɓi aiki da rana ya karanta shi, shi ya sa bai leƙa gadon ba. Maganar da na yi cikin daƙiƙa ɗaya ta zauna a takarda awa takwas tana aiki.

Bayan mako uku aka sallami dattijon. Na raka su bakin ƙofa, ɗansa na riƙe da buhun kayansu, shi kuma yana takawa a hankali, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Na ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Sai ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Yau kam na gaske."

Wassalam.

Naku,
wani tsohon tafinta